Kafin Ta Ɗauki Buroshi: Takardar Ɗaukar Mai Kwalliya Aiki

Ranar Asabar ta biki a Kano, mai kwalliya kan fita tun gari bai gama wayewa ba, da akwatinta a cikin Adaidaita Sahu. Amarya na jira, ƙawaye na jira, uwar amarya ma tana so a ɗan shafa mata hoda a ɗaura mata gwaggwaro. Kafin ta koma shago magariba ta kawo jiki. A nan ake fara saɓani: kuɗin wannan fita na waye? Mai shago ta ce duk yana cikin albashi, ita kuma ta ce, "Hajiya, ai ba haka muka yi ba." Da baki aka yi maganar, kowa kuma da abin da kunnensa ya riƙe.

Wannan rigima ce takardar ɗaukar aiki take kashewa. Doka ma ta nemi a yi ta: sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗa a rubuce kafin wata uku su cika da fara aiki. Mai shagon da ta san ciwon kanta tana miƙa takardar tun kafin ranar farko.

Batun kuɗi ne ya fi buƙatar a zauna a kansa. A ce shago ya yi wa ƙwararriya tayin naira 80,000 a wata, da kamashon kashi 20 cikin ɗari na duk kwalliyar amaryar da ta je ta yi a gida. Idan amarya na biyan 50,000, rabonta 10,000 ne. Amare shida a wata, ta tashi da 140,000. To amma idan mai shago ta fara cire 10,000 na kaya da kuɗin mota kafin ta lissafa, rabon ya koma 8,000, wato 12,000 sun zube a wata. Layi ɗaya ya isa ya raba gardama: daga wane kuɗi ake cire kamashon, wa ke biyan kuɗin mota, wace rana ake biya. Haka tukuicin da dangin amarya kan bayar don jin daɗi; adalci shi ne a rubuta cewa na mai aikin ne. Kada kuma ma'aikaciya ta dogara da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, domin dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, yawancin shagunan kwalliya kuwa ba su kai ba. Abin da aka rubuta mata shi ne kariyarta.

Lokutan aiki a wannan sana'a ba na ofis ba ne. Ƙarshen mako da jajibirin Sallah su ne kaka, don haka ranar hutu takan faɗa Litinin ko Talata. Doka ta ba ma'aikaci hutun yini guda a kowane kwana bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki, da albashi, bayan wata 12. Sai takarda ta ambaci ranar, ta kuma faɗi abin da za a ƙara idan aiki ya kai dare.

Lokacin gwaji an saba yin wata uku. Takarda mai kyau takan faɗi abin da za a duba: iya zaɓen hodar da ta dace da fata baƙa da fara, kwalliyar da za ta jure zafi da gumi har a tashi daga kamu, da zuwa kan lokaci. Ta kuma faɗi wa'adin sallama, domin idan ta yi shiru, sashe na 11 ya ba da sanarwar kwana ɗaya tak ga wadda ba ta wuce wata uku ba.

A ɓangaren ɗabi'a, "ki zama mai ladabi" ba ya ɗaure kowa. Abin da ke aiki shi ne a rubuta cewa za a wanke buroshi da soso tsakanin fuska da fuska, ba za a maimaita gashin ido ga wata ba, domin ta nan ciwon ido da ƙuraje ke yaɗuwa. Ba za a sa hoton amarya a Instagram ba sai da izininta, kuma ba a ɗauko zancen gidan mutane. Sai abin da ya fi ci wa masu shago tuwo a ƙwarya: ma'aikaciya ta karɓi lambar kwastoma ta koma yi mata aiki a ɓoye. Ita ma ma'aikaciyar tana da abin dubawa, domin sashe na 5 ya hana a yanke albashi da sunan tara.

Ana yin kwafi biyu, kowa ta sa hannu da kwanan wata a kowane shafi, ta tafi da nata.