Hannun jari: me ka saya, kuma me ya sa farashinsa ba ya kwana wuri ɗaya?

Kullum bayan labarai kuna jin muna cewa hannun jarin kamfani kaza ya tashi, na kaza ya faɗi. To, wai mene ne wannan hannun jari, kuma wa ke ɗaga shi yana sauke shi? Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako.

Ka san watanda. Mutum goma su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, kowa ya ɗauki kashinsa. Hannun jari ɗan'uwan watanda ne, sai dai shi ba a yanka san. Ana barinsa da rai yana aiki, kowa na da kaso a cikinsa da kuma abin da ya samo.

Bari mu ƙaddara misali. 'Yan kasuwa sun kafa kamfanin jigila, sun sayi babbar mota ta naira miliyan 40 don ɗauko albasa daga Galmi zuwa kasuwannin kudu. Suka raba mallakar gida 4,000, kowane gida naira 10,000. Kowane gida ɗaya shi ne hannun jari ɗaya. Kai ka zuba miliyan 2, ka samu 200. Ke nan kashi ɗaya cikin ashirin na kamfanin naka ne.

Amma lura, ba ka da ikon zuwa ka kwance taya ɗaya ka ce ita ce rabonka. Motar ta kamfani ce. Abin da ke hannunka abu uku ne. Kana da ƙuri'a a taron shekara, gwargwadon yawan hannun jarinka. Kana da rabo idan an raba riba. Kana kuma iya sayar da kasonka ga wani ba tare da an tsayar da motar ko yini ɗaya ba.

A ce a shekara motar ta kawo ribar miliyan 8 bayan an cire mai, gyara, albashi da haraji. Kowane hannun jari ya samo naira 2,000 ke nan. Shugabanni suka ba da shawarar a raba rabi, a ajiye rabi don sayen mota ta biyu, taro ya amince. Kai za ka karɓi naira 200,000. Rabin da aka ajiye bai ɓace ba, yana cikin kamfani, kamar maraƙin da ka bari a garke maimakon ka kai shi kara.

In kuwa kamfanin ya karye fa? Masu bin bashi ake fara biya, masu hannun jari su ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba abin da ke saura. Amma asararka ta tsaya kan miliyan 2 da ka zuba. Ba wanda zai biyo ka ruga ya kama shanunka saboda bashin kamfani.

Yanzu batun farashi. Manyan kamfanoni suna da kara tasu. A Najeriya kasuwar tana Legas, an fara ciniki a cikinta a 1961. Ƙasashe takwas masu kashe sefa a Afirka ta Yamma, har da Nijar, suna da kasuwa ɗaya a Abijan mai suna BRVM, wadda ta fara aiki a 1998. Ba ka shiga da kanka, sai ta hannun dillali mai lasisi, shi kuma yana da la'adarsa.

Ba kamfani ne ke yanka farashi ba, ba kuma gwamnati ba. Tayi ne da sallamawa. Koma kan motarmu. Wani ya taya hannun jari ɗaya 9,800, mai sayarwa ya ce albarka, sai 10,200. Ba ciniki. Can sai ga wani da buƙata ta taso masa, ya ce ya sallama guda goma a 9,800. Shi ke nan, farashin yau ya zama 9,800, har rediyo ya ce ya faɗi. Guda goma kacal aka sayar cikin 4,000, motar tana nan lafiya lau a kan hanya, amma a lissafi kasonka ya ragu da naira 40,000. Ragin na takarda ne. Ba ya tabbata sai ran da ka sayar.

To me ke sa mai taye ya ƙara ko ya rage? Abin da yake tsammani gobe. Makiyayi ya fi kowa sanin wannan. Karsana mai ciki ta fi marar ciki kuɗi tun kafin kowa ya ga ɗan. Wanda ya biya 10,000 don abin da ke samo 2,000 a shekara, ya biya ribar shekara biyar ne. Idan labari ya zo cewa kamfanin ya samu kwangilar da za ta kai riba miliyan 12, kowane hannun jari zai samo 3,000. Da lissafin shekara biyar ɗin nan, tayi zai nufi 15,000 tun motar ba ta ɗauki buhu ɗaya na sabuwar kwangilar ba. Idan kuma aka ji za a rufe iyaka, kamar yadda Najeriya ta yi a watan Agustan 2019, masu taye za su ja baya a ranar. Da yake labari ba ya yankewa, kuma kowa da yadda yake fassara shi, farashi ma ba ya zama.

Ga abin da ya faru a zahiri. Kamfanin waya na MTN Najeriya ya shiga kasuwar Legas a watan Mayun 2019 a kan naira 90. A 2023 kuɗin da ya shigo masa ya ƙaru, amma ya rufe shekarar da asara. Dalili kuwa, a watan Yunin shekarar aka saki naira ta faɗi, shi kuma yana da bashi da kuɗin haya da ake lissafawa da dalar Amurka. Duk wanda ya taɓa cin bashi da sefa yana sayar da kaya da naira ya san wannan ciwon. Ciniki na tafiya, canji na cinye riba.

Akwai faɗuwar da ba ta tsoro ba ce. Idan ranar tantance masu karɓar riba ta wuce, farashi kan sauka da kimanin abin da za a raba. Saniya ce ta haihu aka riƙe ɗan, dole kuɗinta ya bambanta da na jiya. Kasuwannin kuma sun sa waigi: a Legas farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini, a Abijan kashi 7.5. Waigin na yini ne kawai, gobe yana iya ci gaba da gangara.

Abu biyu za ka duba kafin ka taya. Na farko, ƙaramin farashi ba shi ne araha ba. Hannun jarin naira 5 da ba ya samo komai ya fi na naira 500 mai samo 100 tsada. Tambayi dillali nawa kowane ɗaya ya samo bara. Na biyu, tambayi guda nawa ake sayarwa a yini. Akwai kamfanonin da sai a yi kwanaki ba a yi cinikinsu ba, ran da kake neman kuɗin dusa da rani ba za ka samu mai taye ba sai ka karyar.

Wanda kuma ya ce maka ka kawo kuɗi zai riƙa ba ka kaza duk wata, tabbas ba fashi, ba hannun jari yake sayar maka ba. Mai kaso a garke, da shi ake cin damina, da shi ake shan fari.

A shiri na gaba za mu duba yadda ake gane dillali mai lasisi da takardun da zai nema a wurinka. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya tsare dukiya.