Taswirar Kasuwanci Mai Gida Tara: Misalin Ɗaliba Mai Zana Talla

Taswirar da Alexander Osterwalder ya ƙirƙiro takarda ce guda mai gida tara. Mu ɗauki ɗalibar jami'a a Kano da ke zana wa 'yan kasuwa hotunan talla da wayarta.

Gidan farko na abokan ciniki ne. Kada ta rubuta “kowa da kowa”. Ta rubuta matan da ke sayar da atamfa da turare daga gida. A na biyu ta faɗi amfanin da za su samu: hoto mai ɗauke da farashi cikin awa 24. Hanyar isa gare su WhatsApp ce, dangantaka kuwa gyara ɗaya kyauta.

Gidan kuɗin shiga ya fi bukatar natsuwa. A ce hoto ɗaya naira 2,000, ana biyan rabi kafin aiki, domin bashi ke karya ƙaramar sana'a. Kayan aikinta waya, Canva da batirin ajiya. Ayyukanta zane da amsa saƙo. Abokan hulɗarta mai ɗaukar hoto da mai ɗab'i.

Gida na tara shi ne kashe kuɗi. Idan data, caji da kuɗin mota sun ci naira 12,000 a wata, sai ta sayar da hoto shida kafin riba ta fara. Idan ciniki bai kai haka ba, ta koma gida na farko da na biyu, matsalar galibi tana can.

Ɗalibi, cika taka da fensir, ka gwada ta a kan mutum goma, sannan ka gyara.