Mota ko Gida Ba Tare da Kuɗin Ruwa Ba: Yadda Ake Gano Ainihin Abin da Za a Biya

Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a shekarar 2012, ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke gudun kuɗin ruwa ya samu ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan yana son mota ko gida. Bankin TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, ga kuma ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata da dillalan da ke sayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Hanyoyi sun yawaita, amma mutane da yawa da zarar sun ji an ce babu ruwa sai su ajiye lissafi, kamar an ce musu babu tsada. Halaccin ciniki daban, arahar sa daban. Wanda zai ɗaure albashinsa na shekara uku ko goma ya kamata ya tabbatar da duka biyun kafin ya sa hannu.

Hanyar da aka fi bi wajen mota ita ce murabaha. Kai za ka nemo motar, ka kawo takardar farashi daga wurin mai sayarwa. Banki zai saya da kuɗinsa, ta zama tasa, sannan ya sayar maka da farashin da ya haɗa uwar kuɗi da ribarsa, ka riƙa biya wata-wata. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta amince cewa farashin biya a hankali zai iya ɗara na biya nan take, muddin an tsaya a kan farashi guda lokacin ƙulla ciniki. Daga ranar da aka ƙulla, farashin ba ya ƙaruwa, ko da naira ta faɗi ko motar ta yi tsada a kasuwa. Alamar da ake gane cinikin gaskiya kuwa ita ce jerin takardu: dole banki ya mallaki motar kafin ya sayar maka. Idan aka sa ka sa hannu a takardar sayarwa alhali ba a sayi motar ba, ko aka zuba maka tsabar kuɗi a asusunka aka ce ka mayar da ƙari, to bashi da ruwa ne aka sauya wa suna.

Bari mu ɗauki misali, da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi, ba farashin wani banki ba. Malami ne a makarantar gaba da sakandare, ya ga mota ta naira miliyan 10 kuɗi hannu, yana da miliyan 3 a ajiye. Banki na farko ya ce ya ba da miliyan 3 ɗin kafin alƙalami, shi zai cika miliyan 7, ribarsa kashi 15 cikin ɗari a shekara, tsawon shekara uku. Banki na biyu ya ce sharuɗɗansa iri ɗaya ne, amma tasa ribar kashi 22. Kowa ya ji zai ce na farko ya fi sauƙi, kuma a nan ne ake yawan yin asara.

Banki na farko yana lissafa ribarsa ne a kan dukkan miliyan 7 ɗin a kowace shekara, kamar ba a rage komai ba. Kashi 15 na miliyan 7 shi ne naira 1,050,000. Sau uku, 3,150,000. Malamin zai biya 10,150,000 a cikin wata 36, wato kimanin 282,000 a wata. Banki na biyu kuwa yana lissafi ne a kan abin da ya saura bayan biyan kowane wata. Da yake saura yana raguwa, ribar ma tana raguwa, sai biyan wata ya tsaya kimanin 267,000, jimillar riba kuma kimanin 2,624,000. Mai kashi 22 ya fi mai kashi 15 araha da fiye da naira 500,000. Da za a auna ribar bankin farko da ma'aunin na biyu, kashi 26 za ta nuna. Dalili shi ne, a wata na talatin malamin ya kusa gama biya, amma har yanzu ana caje shi kamar yana riƙe da miliyan 7 cur. Saboda haka kada ka kwatanta kaso da kaso. Ka tambayi ma'aikacin banki a fili: nawa ne jimillar ribarku a naira, kuma nawa zan biya a wata? Ka nemi jadawalin biya a rubuce, ka tafi da shi gida ka duba a natse.

Bayan riba akwai kuɗaɗen da ba sa fitowa a tallar banki. Mafi nauyinsu shi ne takaful, wato inshorar Musulunci. Banki ba zai yarda da ƙaramar inshorar nan ta naira 15,000 da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai ba; zai nemi cikakkiya, wadda hukumar inshora ta ƙasa ta ce daga farkon 2023 kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota. A misalinmu, idan darajar motar tana sauka da miliyan ɗaya kowace shekara, takaful zai ci 500,000, sannan 450,000, sannan 400,000, jimilla 1,350,000. Mu ƙara kuɗin gudanarwa na kashi ɗaya, 70,000, da na'urar bin diddigin mota, mu ce 80,000. A banki na farko, abin da zai fita daga aljihun malamin tun daga kafin alƙalami har wata na ƙarshe shi ne 14,650,000. A na biyu kimanin 14,124,000. Wannan shi ne ainihin kuɗin motar da aka ce masa miliyan 10 ce. Takaful ba asara ba ce, domin idan aka sace motar ko ta yi haɗari shi zai rufa maka asiri, in ba haka ba ka ci gaba da biyan bashin abin da babu shi. Amma dole ya shiga lissafi tun farko.

Sai kuma dillali. Ya ce wa malamin: "Ranka ya daɗe, ka bar wahalar banki. Miliyan 12 zan ba ka, ka kawo 5 yanzu, sauran 7 a cikin shekara guda." Miliyan 12 ta yi ƙasa da miliyan 14, amma a duba abin da aka ɗage masa. Motar miliyan 10 ce, ya ba da 5, ashe miliyan 5 kawai dillali ya jira, na shekara ɗaya, kuma ya ɗora miliyan 2 a kai. Kashi 40 ke nan a ma'aunin da bankin farko ya ce 15. Biyan wata kuma ya haura 583,000, ninki biyu na na banki. Irin wannan ciniki yana iya dacewa da ɗan kasuwar da kuɗi ke shigo masa da yawa cikin ɗan lokaci, amma mai albashi zai iya sarewa a wata na huɗu. A nan ne ake shiga rigima, domin sau da yawa takardun mota suna hannun dillali, kuma ba a rubuta makomar abin da aka riga aka biya ba idan ya ƙwace motarsa. A rubuta wannan sharaɗi gaban shaidu, ko a haƙura da cinikin.

Hanyar da babu riba ko kaɗan ita ce tari, ko adashi, ko rancen ƙungiyar gama-kai wadda ba ta ɗora komai sai ɗan kuɗin fom. Ita ma tana da tsadarta, wato jira. Idan malamin ya riƙa ajiye 282,000 a wata, zai haɗa miliyan 7 cikin kimanin wata 25. Amma idan farashin mota yana hawa da kashi 20 a shekara, kafin lokacin ta kai 14,400,000, ga kuɗin abin hawa da ya kashe a tsakani. Wanda ya ga yadda motoci suka yi tashin gwauron zabo bayan an saki naira a tsakiyar 2023, da yadda hauhawar farashi ta wuce kashi 30 a 2024, ya san wannan ba zato ba ne. A shekarar da farashi ya lafa, mai tari ne ke cin riba; a shekarar da yake gudu, mai murabaha ya kulle farashinsa. Wanda ya samu ɗaukar farko a adashi, ko ƙungiyarsa ta ranta masa rabin kuɗin, ya fi kowa dacewa, kuma babu laifi a haɗa hanyoyi biyu: duk abin da aka ƙara a kafin alƙalami yana rage ribar banki kai tsaye.

Gida yana da nasa tsarin, saboda tsawon lokaci. An fi amfani da ijara mai ƙarewa da mallaka, ko musharaka mai raguwa. A ta biyun, kai da banki ne kuke sayen gidan tare, kana biyan hayar kason banki, kana kuma sayen kason nasa kaɗan-kaɗan. Gidan miliyan 20, ka ba da 6, banki ya ba da 14, shekara goma. Idan kana sayen kason miliyan 1.4 a ƙarshen kowace shekara, haya kuma kashi 20 ce na kason banki, hayar shekarar farko miliyan 2.8 ce, ta ƙarshe 280,000, jimillarta miliyan 15.4. Gidan ya tsaya maka miliyan 35.4. Bambancinsa da murabaha shi ne ana iya sake duba haya lokaci-lokaci, don haka ka tambaya: duk wata nawa ake dubawa, da wane ma'auni, kuma akwai iyakar da ba za a wuce ba? Ka tambayi wanda zai ɗauki babban gyara, irin na rufi ko tsagewar bango, domin a ƙa'idar ijara nauyin mai gida ne, a musharaka kuwa gwargwadon kason kowa. Sannan ka lissafa kuɗin lauya, da na mai ƙiyasta darajar gida, da la'adar dillali, da rajista a ma'aikatar ƙasa da safiyo. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mallaka ko a jinginar da filin da ke da takardar shaidar mallaka, kuma kuɗin wannan ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Tambayoyi biyu ne suka rage, kuma a mota da gida duk suna aiki. Ta farko, idan na makara fa? A ƙa'ida banki ba ya cin tarar jinkiri a matsayin riba, sadaka ake yi da ita, amma daga aljihunka take fita, don haka ka san adadinta da kwanakin da ake ɗaga ƙafa idan albashi ya yi jinkiri. Ta biyu, idan na samu kuɗi na biya gaba ɗaya kafin lokaci fa? A murabaha farashi ya riga ya zama bashi a kanka, rangwame kuma yawanci ganin damar banki ne. Ka ji yadda suka saba yi tun kafin ka shiga. Idan wani sharaɗi ya shige maka duhu ta fuskar shari'a, kowane irin wannan banki yana da kwamitin malamai masu ba shi shawara, kamar yadda Babban Bankin Nijeriya ya wajabta, kuma kana da damar neman bayanin da suka amince da shi.

Kafin ka zaɓa, ka samu takarda guda ka ja layi ga kowace hanya: kafin alƙalami, jimillar biyan wata-wata, takaful na dukkan shekarun, kuɗin takardu, da yawan watanni. Ka haɗa, ka cire farashin kuɗi hannu. Abin da ya saura shi ne kuɗin jinkirin da kake saye. Sannan ka ɗora biyan watan a kan albashinka. Idan ya haura kashi ɗaya bisa uku na abin da ke shigo maka, ka nemi ƙaramar mota ko ka ƙara tari, domin mai da gyara da kuɗin makarantar yara ba za su jira ka gama biya ba.