RANCE: YADDA RUWAN KASHI 10 KE ZAMA KASHI 18 CIKIN ƊARI

Ma'aikata da yawa waɗanda ake yankan albashinsu kowane wata domin biyan rance sun ɗauka cewa ruwan da aka rubuta a takarda shi ne ainihin abin da suke biya. Sau da yawa ba haka ba ne. Idan an ɗora ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya tun ranar farko, watau ruwa tsayayye, kuma ana biya wata-wata, to, tsadar rancen takan kusan ninka abin da aka faɗa.

Ga misali. Wani akawu ya karɓi rancen Naira 120,000 domin gyaran rufin gidansa, a kan ruwa kashi 10 cikin ɗari, zai biya cikin watanni 12. Mai ba da rancen ya lissafa kashi 10 na 120,000, ya sami 12,000, ya haɗa suka zama 132,000, sa'an nan ya raba gida 12. Kowane wata akawu zai biya 11,000: Naira 10,000 na rage uwar kuɗi, 1,000 kuma ruwa ne.

A ido lissafin ba shi da aibu. Amma akawun nan bai riƙe 120,000 har shekara guda ba. A watan farko kaɗai kuɗin suke cif a wuyansa. A wata na biyu saura 110,000, a na bakwai saura 60,000, a na ƙarshe kuwa 10,000 kacal ake binsa. Duk da haka ruwan bai motsa ba. Naira 1,000 da ya biya sa'ad da ake binsa 120,000, ita ce yake biya sa'ad da ake binsa 10,000. Kamar mutum ne ya kama hayar gida mai ɗaki 12, kowane wata yana mayar wa mai gida ɗaki ɗaya, amma ana karɓar kuɗin hayar gidan dukansa har ƙarshen shekara.

Domin a san gaskiyar tsadar, sai a duba abin da ke wuyansa a tsaka-tsaki. In aka tara bashin kowane wata, daga 120,000 har zuwa 10,000, za a sami 780,000. A raba da 12, ya zama 65,000. Ashe ke nan akawu ya biya ruwan 12,000 ne a kan 65,000, wanda ya kama kimanin kashi 18 cikin ɗari a shekara.

Da a ce an ba shi rancen ta ɗaya hanyar, inda ake lissafa ruwa kowane wata a kan ragowar bashi kaɗai, kashi 10 ɗin nan zai tsaya ne a Naira 6,500. Bambancin 5,500 ne, alhali takardun biyu duka sun ce kashi 10. Saboda haka wanda aka yi wa tayin kashi 15 a kan ragowar bashi, ya ƙi, ya ruga wajen mai kashi 10 tsayayye, ya zaɓi mai tsada ne yana zaton arha ya samu.

Abin ya fi muni inda ake faɗin ruwan a wata. Kashi 3 a wata ba ya tayar da hankali, amma a shekara kashi 36 ne a takarda, kuma in tsayayye ne na watanni 12, ainihinsa ya kai wajen kashi 61. Haka nan in aka cire kuɗin cika takarda kafin a miƙa rancen. Da za a zare wa akawun nan 2,400, ya tafi gida da 117,600 amma yana biyan 11,000 a wata, tsadar za ta hau zuwa kusan kashi 22.

Wannan ninkin yana da iyaka. Idan bashin na biya ɗaya ne a ƙarshen shekara, kashi 10 gaskiya ne, domin kuɗin sun shekara a hannun mai rance. Biyan kaɗan-kaɗan shi ne ke haifar da giɓin.

Irin wannan ruɗani ne ya sa Amurka ta kafa doka a 1968, Ingila kuma a 1974, waɗanda suka kai ga tilasta wa masu ba da rance bayyana ainihin tsadarsa ta shekara.

Gane ruwa tsayayye ba wuya. Kafin mutum ya sa hannu, ya nemi jadawalin biya a rubuce. In ya ga kuɗin ruwa iri ɗaya ne daga watan farko har na ƙarshe, ko kuwa jimlar ruwan ta yi daidai da kason da aka faɗa na uwar kuɗin dukanta, to, ya ninka kason sau biyu ya rage kaɗan, sa'an nan ya gwada da na wasu. Ya kuma tambaya ko za a yafe masa ragowar ruwan in ya biya kafin wa'adi, a rubuta amsar cikin yarjejeniya. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma fitowa sai da igiya.