Fassarar sanarwar neman ma'aikata daga hoto zuwa Larabci

Kafin mai fassara ya fara aiki, ya tabbatar hoton bai yanke ƙasan takardar ba, domin a nan aka fi rubuta ranar rufe karɓar takardu. Kowane sharaɗi ya tsaya a matsayinsa: na tilas dabam, wanda aka fi so kawai dabam. Idan aka rubuta albashi naira 150,000 a wata kafin cire haraji, a faɗi haka duka a Larabcin, kada a mayar da kuɗin riyal. Kwanan wata kamar 5/6 yana rikita mutane, don haka a tambayi mai sanarwar, sannan a rubuta sunan watan da haruffa. A ƙara da cewa lissafin Miladiyya ne, kada mai karatu a Saudiyya ya ɗauka Hijiriyya ce.