Ina Kaurin Tukunya Ya Ɓuya? Yadda Ake Karanta Zanen Yanka



Makon da ya wuce, a darasin zanen fasaha, Malam ya ɗora mana zanen tukunya a allo, irin tukunyar dalmar nan da ake dafa tuwo a gidajenmu. Ya rubuta lambobi huɗu a jikin zanen: 240, 232, 150 da 144. Sai ya ce mu faɗi kaurin jikin tukunyar. Muka duba sama da ƙasa, babu inda aka rubuta kauri. Wasunmu suka ce Malam ya manta ne. Wasu suka ɗebe 232 daga 240, suka rubuta 8 da murnarsu. Ashe duka ɓangarorin biyu mun faɗi. Tunda irin wannan tambaya tana iya fitowa a jarrabawa, muka ga ya kamata mu kawo bayaninta nan bango, don kada wani ya sake faɗawa ramin da muka faɗa.

Me ya sa ake yanka abu a zane?

Idan ka kalli duma daga waje, ba za ka san kaurin ɓawonsa ba. Sai an raba shi biyu za a yi ƙwarya sannan za ka ga kaurin a bakin yankan. Haka ma tukunya. In an zana ta daga gaba, tsayinta da faɗinta kawai za a gani. Ana iya nuna cikinta da layi mai tsallake-tsallake, wato layin da ke nuna abin da ya ɓuya, amma idan irin waɗannan layuka suka yi yawa sai zanen ya rikice. Kuma a ƙa'idar zane ba a son ɗora awo a kan layin abin da ya ɓuya.

Shi ya sa mai zane yake ɗauka a ransa cewa ya sa zarto ya raba tukunyar biyu daga baki zuwa gindi. Ya jefar da rabin da ke kusa da shi, ya zana rabin da ya rage. Wannan shi muke kira zanen yanka. Ba a yanka tukunyar gaske ba, a takarda kawai aka yi yankan.

Abubuwa uku da za a fara nema

Na farko, nemi inda zarton ya bi. A zanen da ke nuna tukunyar daga sama za ka ga wani layi ya ratsa ta, dogon zane da gajere suna bin juna, kuma ƙarshensa biyu sun fi kauri. A kowane ƙarshe akwai kibiya da harafi, misali A da A. Kibiyoyin suna nuna wajen da kake fuskanta bayan an yi yankan. Sai ka nemi zanen da aka rubuta wa A–A a ƙasansa. Shi ne fuskar da yankan ya buɗe. Ka tabbata layin ya bi ta tsakiyar da'irar, domin idan ya kauce gefe, faɗin da za ka gani bai kai cikakken faɗin tukunyar ba.

Na biyu, nemi siraran layukan da aka jera a karkace, yawanci a kan digiri 45, da tazara iri ɗaya. Duk inda ka gan su, nan ne zarto ya ci ƙarfe. Inda aka bari fari a tsakiya kuwa, nan ne ramin da tuwo yake zama. Wannan shi ne babban sirrin: karkatattun layuka ƙarfe ne, fari iska ce. A zanen tukunyarmu, wurin da aka ja wa layukan ya yi kama da harafin U. Akwai siririn bango a hagu, akwai wani a dama, gindi ya haɗa su a ƙasa. Ku riƙe wannan da kyau, bango biyu ne.

Na uku, bi kowace lamba da yatsa ka ga inda kibiyoyinta suka tsaya. Lamba ba ta da amfani sai ka san daga ina zuwa ina ta auna. A zanen fasaha, idan ba a faɗi wani ma'auni ba, yawanci milimita ake nufi. Idan kuma ka ga alamar Ø a gaban lamba, ana nufin faɗin da'ira daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, wato dayamita.

Mu koma kan tukunyar Malam

Da muka bi kibiyoyin, sai muka ga Ø240 ta tashi daga bayan bangon hagu zuwa bayan bangon dama. Wannan faɗin waje ne. Ita kuma Ø232 ta tashi daga cikin bangon hagu zuwa cikin bangon dama, wato ta auna farin wurin nan kawai. Wannan faɗin ciki ne.

Idan ka ɗebe na ciki daga na waje, 240 − 232 = 8. Amma wannan 8 ɗin ba ta bango ɗaya ba ce. Layin awon waje ya ratsa ƙarfe sau biyu, sau ɗaya a hagu, sau ɗaya a dama. Don haka dole a raba musu:

(240 − 232) ÷ 2 = 4

Kaurin bango milimita 4 ne. Za ka iya gwada amsarka da kanka ta hanyar tafiya daga hagu zuwa dama: bango 4, rami 232, bango 4. Ka haɗa su, 4 + 232 + 4 = 240. In jimlar ba ta koma faɗin waje ba, to akwai kuskure. Waɗanda suka rubuta 8 a cikinmu, da sun yi wannan gwaji da sun sami 248, da nan take sun gane.

Daga nan Malam ya ce mu nemo kaurin gindi. A nan ma wasu suka sake zamewa, saboda yanzu sun saba da rabawa biyu. Lamba 150 ta auna daga baki har ƙasan tukunyar ta waje, wato tsayinta duka. Lamba 144 ta auna daga baki zuwa ƙasan ramin ta ciki, wato zurfinta. Idan ka sauko daga sama zuwa ƙasa, sau nawa za ka ratsa ƙarfe? Sau ɗaya tak, domin bakin tukunya a buɗe yake. Saboda haka:

150 − 144 = 6

Gindi milimita 6 ne, ba a raba shi biyu. Wanda ya raba ya sami 3, ya mayar da gindin ya fi bango siranta, alhali shi ne ke zama a kan wuta yana shan muciya. Ashe ba haddace "a raba biyu" ake yi ba. Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka kullum: layin awon nan sau nawa ya ratsa karkatattun layuka? In sau biyu ne, kuma bangayen daidai suke, ka raba. In sau ɗaya ne, ka bar shi yadda yake.

Me milimita huɗu za ta ɓata?

Ɗaya daga cikinmu ya ce ai bambancin 4 da 8 bai kai faɗin fensir ba. Sai muka yi lissafi tare da Malam. Kowane santimita kubik na alminiyam yana da nauyin giram 2.7. Da bango mai milimita 4, tukunyar nan duka ba ta wuce kilo 1.9 ba. Idan aka zuba ta da bango mai milimita 8, nauyinta zai kai kilo 3. Wato an ƙara fiye da kilo ɗaya na ƙarfe a tukunya guda. Mai zubi ya yi asarar ƙarfe da gawayin narka shi, mai saye kuma ta sami tukunya mai nauyi wadda cikinta ya ragu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwane ya ga yadda kaurin yake samuwa. Suna danna ƙasa mai ɗan damshi a ciki da wajen wata tukunyar da suke kwafa, sannan su zare ta a hankali su mayar da ƙasar yadda take. Gurbin da ya rage tsakanin ƙasar ciki da ta waje, shi narkakken ƙarfe yake cikawa. Wannan gurbi shi ne daidai harafin U ɗin da aka ja wa layuka a zanenmu. Idan ya yi ƙunci sosai, ƙarfen yana iya daskarewa kafin ya kai ko'ina, sai tukunya ta fito da huji.

Tarko biyu da suka rage

Na ɗaya shi ne ɗora rula a kan zane. A takardar da Malam ya raba mana an rubuta 1:2 a kusurwa, ma'ana an rage girman tukunyar zuwa rabi. Wanda ya auna bangon da rula zai sami milimita 2. Lambar da aka rubuta ita ce girman gaske, ko da an rage zanen. Ƙari a kan haka, injin kwafi yana iya ƙara ko rage girman takarda. Don haka lambobi ake bi, ba rula ba.

Na biyu shi ne ɗaukar cewa tukunyar gaske za ta fito daidai da zane. Idan ƙasar ciki ta goce gefe da milimita 1 lokacin zubi, bango ɗaya zai zama 5, na ɗaya gefen ya zama 3. Ka auna faɗin waje, 240 ne. Ka auna na ciki, 232 ne. Lissafi zai ce 4, amma a waɗannan gefuna biyu babu inda 4 take. Zane yana faɗin abin da ake so a samu ne. In kana son sanin abin da aka samu, sai ka matse bangon kansa da ma'aunin kauri a wurare huɗu kewaye da baki, ka kwatanta. Ku duba tukwanen gidanku da ido ma, wataƙila za ku ga wadda gefe ɗaya na bakinta ya fi kauri.

Gasar wannan mako

Ga zanen yankan wani kofin ƙarfe da aka zuba, mai buɗaɗɗen baki. Faɗin waje Ø90, faɗin ciki Ø76, tsayi 60, zurfi 51. Mene ne kaurin bango, kuma mene ne kaurin gindi? Ku nuna lissafi tare da gwajin amsa. Ku rubuta suna da aji, ku jefa a akwatin ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.