Ina kuɗin da kake biyan banki duk wata suke tafiya?

A ce wani tela ya karɓi rancen naira 1,200,000 don sayen kekunan ɗinki, zai biya cikin wata 12, kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara. Banki ya ce ya riƙa kawo naira 113,472 duk wata. Adadin ba ya canzawa, amma kowane biya kashi biyu ne: wani na kuɗin ruwa, wani na rage uwar kuɗi. Manhajar Excel tana raba su da IPMT da PPMT.

Rubuta 24% a gidan B1, 12 a B2, 1200000 a B3. Daga A6 zuwa A17 ka jera lambobin watanni, 1 zuwa 12. Sai ka sa waɗannan a B6, C6 da D6 bi da bi, ka jawo su ƙasa har wata na ƙarshe:

```
=IPMT($B$1/12,A6,$B$2,-$B$3)
=PPMT($B$1/12,A6,$B$2,-$B$3)
=$B$3-SUM(C$6:C6)
```

Na farko kuɗin ruwan watan ne, na biyu abin da ya fita daga uwar kuɗi, na uku kuma ragowar bashi. An raba B1 gida 12 ne saboda biyan na wata-wata ne, wato kashi 2 cikin ɗari duk wata. Alamar ragi da ke gaban B3 don amsa ta fito ba tare da ragi ba ce, alamar dala kuwa tana hana gidajen zamewa idan ka jawo.

A wata na farko kuɗin ruwa naira 24,000 ne, uwar kuɗi ta ragu da 89,472. A na biyu ruwan ya sauko zuwa 22,211, domin ana lissafa shi ne a kan ragowar bashi, 1,110,528. Haka yake ta lafawa har ya koma 2,225 a wata na 12. Jimillarsa naira 161,658. Shi ya sa mai son biyan bashi kafin wa'adi ya fi cin moriya idan ya yi da wuri.

Wanda ya manta raba B1 zai ga ruwan wata ɗaya ya kai 288,000, ya ɗauka an cuce shi. Hanyar gane ko jadawalin ya yi daidai kuwa ita ce D17: dole ya nuna sifili.

Sai dai lissafin nan na rancen da ruwansa da biyansa ba sa canzawa ne. Wasu masu ba da rance kuma kan ɗora kashi 24 ɗin a kan dukkan kuɗin farko har ƙarshen shekara, tela ya biya ruwan 288,000 maimakon 161,658. A ganina wannan ce tambayar farko. Kafin ka sa hannu, ka tambaya: a kan ragowar bashi ake lissafin ruwan, ko a kan kuɗin farko?